Gemun Baba Matashi

A layinmu kowa Baba Matashi yake kiransa, kuma yana amsawa. Mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa yana kallon kantin maganin da nake aiki, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka shekara biyu na yi ina ganinsa ta gilashin kanti ba mu taɓa wuce gaisuwa ba.

Shagon bai fi taku huɗu ba. Kawunan kekuna a jere a kan katako, wasu an kawo su tun ban zo layin ba, masu su ba su dawo ba. A gabansa akwai gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi, da kwalbar man keke, da wani farin ƙyalle da yake gwada ɗinki a kai har ya zama kamar gonar da aka yi wa kunya. Da kunne yake aiki. Zai juya keke sau biyu, ya karkata kai, ya ce wa tela, "Ba allura ba ce, kai ne ba ka ba shi mai." A bayansa akwai shuɗin labule, bayan labulen kuma ɗakin da yake zaune da matarsa.

Gemunsa ne ya jawo masa sunan. Ya haura saba'in, bayansa ya ranƙwafa, girarsa fari fat, kansa a aske ƙarƙashin hula, amma ɗan gajeren gemunsa baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Kowa ya san rini ne. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ba ya barin maganar ta kwana.

"Baba Matashi, wai wace yarinya ce ta hana gemun nan tsufa?"

"Kakarka ce. Ta ce in gaishe ka."

Sai a yi dariya, shi kuma ya mayar da kansa kan keke. Bai taɓa ƙara komai a kai ba.

Matarsa, Inna, ba ta fitowa. An ce ciwon mantuwa ne ya kama ta. Lokaci-lokaci takan ɗaga labulen ta leƙo, ta dube shi, ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Takan yi tambayar sau uku cikin awa guda, shi kuma kowane karo ya amsa kamar yanzu ya fara ji. Ɗa ɗaya gare su, yana aiki a wani gari mai nisa. Yakan bugo waya, Baba ya fito bakin titi ya ce, "Lafiya lau muke, kada ka damu," ya kashe. Ban taɓa ganin wani ya zauna a bencinsa don hira ba. Masu kawo keke ne kawai, su ma a tsaye.

Wata Talata ya tsallako kantinmu yana sosa haɓa. Fatar da ke ƙarƙashin gemun ta yi ja ta kumbura, da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Maigidana, mai kantin, ya leƙa daga bayan kanta ya ce, "Makero ne. Askar wancan yaron ce ta shafa maka." Ya ba shi man makero. Maganar ta kai kunnen mai aski, ya zo har ƙofarmu da askarsa a hannu yana rantsuwa cewa ko likita bai kai shi wanke kayan aiki ba. Kwana uku ba ya gaishe mu.

Ƙurajen suka lafa bayan mako guda, aka ce magani ya yi. Bayan wani makon suka dawo, sun fi na da. Wannan karon har da yatsunsa, sai maigidana ya ce man keke ne. Baba ya sayi safar hannu ta roba, ya riƙa kama kusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba da ita, suna suɓuce masa. Wani ya ce jininsa ne ya ɓaci, ya daina cin ƙwai da kifi. Ya daina. Wata tsohuwa ta ce hannun mutane ne. Wata uku ana haka.

Ni dai ina kallo. Abin da na fara lura da shi ranakun ne. Talata yake zuwa, wata Talatar ya tsallake, ta gaba ya dawo. Kuma duk Litinin ɗin da ta gabaci zuwansa, gemun ya fi baƙi, farin da ya fara leƙowa a gindin gashi ya ɓace. Lahadi ba ya buɗe shago. Sai kuma siffar abin. Na karanta wannan a makaranta, na ga hotunansa, amma ta ina yarinya kamata za ta dubi sa'an kakanta ta ce masa rinin gemunsa ne? Ai kamar in ce masa na san yana ɓoye tsufa. Sau uku ina buɗe baki, sai in ji na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Ranar da na yi magana, maigidana ya tafi sayo kaya. Ta gilashi na hango Baba a durƙushe yana lalube a ƙasa. Kusa ce ta faɗi, ya kasa ganinta. Da ya ɗago sai na ga fatar idanunsa ta kumbura, idon ya zama kamar an tsaga da reza. Na rufe kanti na tsallaka.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, 'yar magani. Yau kin ɓace hanya?"

Na tsinto masa kusar. Na ce, ina kallon ƙasa, "Baba, don Allah ka ɗan ɗaga haɓarka in gani."

Ya ɗaga. Jan ya bi gemun daidai, daga saje zuwa saje, ya wuce bakin gashin da faɗin yatsa ɗaya ya tsaya cak, kamar an shata masa iyaka. Kumatunsa na sama lafiya lau, goshinsa lafiya lau. Daga ƙasan kunnensa na hagu kuma wani siririn layi ya sauko miƙe, ya bi wuya har ƙashin kafaɗa, ya ƙare da ɗan dunƙule. Na ce ya nuna mini hannu. Babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannun dama ne suka tsattsage. Na hagu ba komai.

"Baba, man keke hannu biyu yake taɓawa, kuma ba ya zuwa gemu. Makero zagaye yake yi kamar zobe. Ciwon da ya taso daga cikin jiki kuma ba ya ja layi miƙe haka. Wannan sawun wani abu ne mai ruwa da ya ɗigo ya gangaro." Na ɗago na dube shi. "Da wane hannu kake shafa rinin?"

Ya daɗe yana kallona da ɗan abin da ya rage na idonsa.

"Da tsohon buroshin haƙori nake shafawa. In gyara bakin da yatsa." Sai ya girgiza kai. "A'a, 'yata. Shekara huɗu ina sa shi, kwali iri ɗaya, ko ƙaiƙayi bai taɓa yi mini ba. Kuma ranar da na sa lafiya nake wuni. Sai bayan kwana biyu."

Na ce masa haka abin yake. Jiki yakan yi shekaru yana haƙuri da abu, rana ɗaya ya ɗauke shi abokin gaba, kuma daga ranar ba ya mantawa. Ba ya tashi nan take, sai ya kwana ɗaya ko biyu ko uku, shi ya sa mutum yake zargin abin da ya ci jiya, ya bar abin da ya shafa shekaranjiya. Fatar ido kuwa siririya ce, ɗan abin da yatsa ya kai mata ya isa.

Bai yi musu ba. Ya ajiye sukudireba a hankali, ya miƙe, ya ɗaga labulen.

"Zo ki gaida Innarki."

Ɗaki ne ɗaya, a share tas. Gado, tabarma, risho a kusurwa, kwanuka biyu a kife. A kan kowace durowa an liƙa takarda da rubutun abin da ke ciki. A bango akwai hoton wani mutum mai baƙin gemu yana dafe da sabon keken ɗinki. Inna tana zaune a bakin gado tana ninke ɗankwali tana warwarewa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni mutanen gida kamar ta san su. Sai ta dube shi.

"Malam, me ya sami idonka?"

"Ƙudan zuma ne."

"Kai ma dai. Sai ka ce yaro."

Da muka fito ya zauna a bencinsa, ya ba ni labarin ba tare da ya kalle ni ba. Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya ya shiga da ruwan wanka, sai Inna ta ja mayafi ta rufe kai, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina kwana, Baba." Ta ɗauka mahaifinsa ne, wanda ya rasu shekara talatin kafin nan. Ta tambaye shi ina ɗansa, wato mijinta, ya tafi. Ta ƙi cin abinci a gabansa, don ba a ci a gaban suruki. Ta ƙi karɓar magani daga hannunsa. Da ya matsa kusa don ya taimaka mata ta sa riga, ta yi kururuwa ta kulle ƙofa. Kwana uku. A rana ta huɗu ya ji tana yi wa hotonsa na bango magana, tana ba shi labarin tsohon da ya zo ya tare musu a gida. Ya fita ya sayo rini.

"Da na shiga, ta dube ni ta ce, 'Malam, ina ka shiga haka? Babanka ya zo ba ka nan.'" Ya yi ɗan murmushi, leɓensa ya tsage. "To kin ji yarinyar da ta hana gemun tsufa."

Na ce zan raka shi asibitin fata.

Likitar da muka samu mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ta dubi layin wuyan, ta bi shi da bayan biro ba ta taɓa ba, ta ce, "Baba, ai ciwonka ya rubuta sunansa da kansa." Ta ba shi man shafawa na 'yan kwanaki da ƙwayar rage ƙaiƙayi, ta ce a rage gemun ƙasa sosai don man ya kai ga fata. Da abin ya lafa ta kira shi gwaji. Aka liƙa masa filasta a gadon baya, ɗauke da ƙananan ɗigo na abubuwa iri-iri, aka ce kada ruwa ya taɓa. Bayan kwana biyu aka cire, bayan wasu biyun aka sake dubawa. Duk wuraren lafiya lau, sai biyu. Ɗaya ya tashi ja jawur da ƙuraje, daidai girman ɗigon. Shi ne sinadarin da ke sa rinin gashi ya yi baƙi ya daɗe. Na kusa da shi ma ya tashi, shi ne wanda ake sawa a rinin da ake cewa mai sauƙi ne.

"Wa da ƙane ne," in ji likita. "Jikinka ya yi fushi da gidansu gaba ɗaya."

"Likita, ko sau ɗaya a wata?"

"Ko sau ɗaya a shekara. Kowane karo sai ya fi na baya. Wannan karon ido ya kusa rufewa, na gaba fuskar ce za ta kumbura ta riƙa tsiyayar ruwa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sai mu kwantar da kai. Wa zai zauna da matarka a lokacin?"

Wannan ce ta kama shi. Ya sunkuyar da kai.

Ta sassauta murya. Ta ce akwai hanya, amma sai fata ta warke sarai gemu ya sake tsirowa, kamar mako shida. Zallan garin lalle, a bi shi da garin ganyen shuni, yana ba da duhu. Amma ya tabbata ganye ne kawai. Duk lallen da aka ce yana baƙi cikin 'yan mintuna, wannan sinadarin ne aka zuba masa. Kuma ko na ganyen, ya fara gwada kaɗan a cikin hannu ya jira kwana biyu zuwa uku.

Mai aski ne ya rage masa gemun tun ranar farko, da na'ura, a hankali don kada ya fama. Ya fara zolayarsa, "Yau dai amarya ta fasa," sai ya ga Baba bai mayar ba, ya bar zolayar ya ƙarasa aikinsa. Cikin kwana biyar farin ya rufe haɓar.

Ina bakin labule ranar da ruɗewar Inna ta dawo. Ya shiga da kwanon abinci. Na ji motsin mayafi, na ji muryarta ta canza ta zama ta ƙaramar yarinya.

"Sannu da zuwa, Baba. Ba ya nan. Amma yanzu zai dawo."

"To, 'yata," ya ce. Ya ajiye kwanon ya fito.

Makonnin nan shida a shago ya yi su. Ya shimfiɗa tabarma tsakanin kekunan. Wata mai ɗinkin kayan mata da yake yi wa gyara ta riƙa zuwa da safe tana yi wa Inna wanka, ni kuma in kai mata magani da rana, don daga hannun mace tana karɓa. Shi sai dai ya dafa, ya miƙo ta ƙarƙashin labule, ya zauna ya kasa kunne ko zai ji ƙarar cokali. Idan ya ji, sai ya ci nasa. Idan bai ji ba, nasa ma ya huce a rufe. Ɗansu ya bugo waya, na ji Baba yana cewa, "Lafiya lau muke." Inna ta daina leƙowa. Sau ɗaya na same shi da tsohon kwalin rinin a hannu yana juya shi. Da ya gan ni sai ya miƙo mini.

"Tafi da shi, 'yar magani. Zuciya ba ta da ƙashi."

Fatar ta warke. Jan ya koma duhu-duhu, ya yi ɓawo ya zube, layin wuyan ya zama kamar inuwa. Yatsunsa suka haɗe, ya jefar da safar roba. Na samo masa ganyen lalle da na shuni a wurin wata mai sayar da ganyayyaki, na sa ta daka a gabana. Muka gwada a cikin hannunsa, muka jira kwana uku, ba abin da ya tashi.

Ranar Lahadi ya bar ƙofar shago rabi a buɗe. Ya kwaɓa lallen ya shafa, ya zauna awa biyu, ya wanke. Gemun ya fito ja kamar garwashi, har shi kansa ya yi dariya a ɗan madubinsa. Ya bi da shunin, ya sake zama. Da ya wanke, ya yi duhu. Bai kai baƙin da ba, akwai ɗan ja a ƙarƙashi idan rana ta haska, amma daga nesa gemun hoton ne. Ya sa farar riga, ya gyara hula, ya ɗauki kwanon abinci.

Na tsaya a bayan labule, ina gani ta gefe.

Ta ɗago ta dube shi. Ba ta ja mayafi ba. Ta daɗe tana kallonsa, ta dubi hoton bango, ta sake dubansa.

"Bawan Allah," ta ce, "ka yi kama da maigidana."

Ya tsaya da kwanon a hannu.

"Haka ake cewa."

"Ka san shi?"

"Na san shi. Tare muka tashi."

Fuskarta ta saki. Ta matsa gefe ta nuna masa tabarma. "To zauna mana, kai ba baƙo ba ne. Ya daɗe bai dawo ba. Shi ya aiko ka?"

"Shi ya aiko ni. Ya ce in tabbata kin ci, kin sha magani."

"Haka yake," ta ce. "Da damuwa kamar mace."

Ta karɓi kwanon. Ta ci a gabansa, ta karɓi ƙwayar daga tafin hannunsa ta haɗiye. Na saki labulen na koma kanti.

Ban sani ba ko launin ne bai kai ba, ko kuwa ciwon nata ne ya yi gaba a cikin makonnin nan. Na tambayi likita, ta ce ita ma ba za ta iya rantsuwa ba, ciwon mantuwa ba ya jiran kowa. Baba bai taɓa tambaya ba. Bai kuma taɓa ce mini gara da na bar zancen rinin a cikina ba, ko da yake ni na sha faɗa wa kaina.

Yau wata bakwai ke nan. Duk mako biyu yana kwaɓa ganyensa, fatarsa lafiya lau. Wanka har yanzu mai ɗinki ce ke yi mata, kuma har yanzu a shago yake shimfiɗa tabarmarsa, don abokin miji ba ya wuce gaisuwa da saƙo. Amma sau uku a rana yana sallama a bakin labulensa, a ba shi izini, ya shiga ya zauna, ta tambaye shi labarin Malam.

Jiya da na kai maganin Inna na wannan watan, na same shi ya fito ke nan, yana goge hannu.

"Yau me ka ce mata, Baba?"

"Na ce aiki ne ya riƙe shi." Ya jawo wani kan keke gabansa, ya lalubi sukudireba. "Ta ce in gaya masa ba ta yi fushi ba."